Yadda ake fitar da ranar taro ɗaya daga tarin amsoshin imel masu cin karo da juna

Sakataren kwamiti ya tura imel ga mutum bakwai yana tambayar ranar da za ta yi musu a zauna. Kowa ya danna Reply all, kafin a kwana biyu saƙo ya haura ashirin. Wani ya ce Talata, wani ya ce Laraba sannan ya dawo ya ce a yi haƙuri tafiya ta taso masa, wani kuma "Allah shi taimaka" kawai ya rubuta. A irin wannan hali abin da yawancin sakatarori ke yi shi ne su sake jefa tambaya, "To, yanzu wace rana muka tsayar?" Wannan tambaya sabbin amsoshi bakwai za ta haifar. Aikin da ya rage na mutum ɗaya ne, ya zauna ya tace abin da aka riga aka faɗa, ya fitar da rana.

Za mu bi misali guda har ƙarshe. A ce kwamitin wata makarantar Islamiyya ne a Mabera, cikin garin Sakkwato, ana so a zauna a amince da kuɗin rufin aji biyu kafin damina ta sauka. Akwai shugaba, ma'aji, injiniya, hedimasta, Hajiya wakiliyar iyaye mata, wani Dakta da ke karatu a Madina wanda zai shiga ta waya, da wakilin mai unguwa. Kai ne sakatare, kuma ranakun da ka bayar su ne Talata 14, Laraba 15 da Alhamis 16 ga wata, duka bayan la'asar.

Da farko ka tsayar da ruwan saƙon. Rubuta layi biyu ga kowa: "Na ga amsoshinku, na gode. A dakata haka nan, zan haɗa su in turo rana ɗaya yau kafin isha'i." In ba ka yi haka ba, kana cikin lissafi wani zai kawo shawarar Asabar, biyu su goya masa baya, aikinka ya koma ɗanye.

Sai karatu. Ka buɗe zaren saƙonnin a kwamfuta in da hali, domin Gmail na naɗe saƙonnin tsakiya, a waya kuma da sauƙi mutum ya tsallake su bai sani ba. Buɗe kowanne, ka karanta daga na farko zuwa na ƙarshe, kana rubuta wa kowane mutum maganarsa ta ƙarshe kawai. A misalinmu ma'aji ya rubuta da safiyar Litinin cewa Laraba ta yi masa, da dare kuma ya rubuta cewa ranar Laraba zai je Illela, a duba Alhamis. Wanda ya karanta na farko ya tsaya zai sa shi cikin masu Laraba. Ka kuma leƙa wuraren da amsa ke ɓuya: wanda ya danna Reply maimakon Reply all kai kaɗai ka ga saƙonsa, wanda ya canza kan saƙo Gmail kan ware nasa ya zama zare dabam, ga kuma wanda ya ga imel ya ba ka amsa da murya a WhatsApp, ko ya tare ka a ƙofar masallaci ya faɗa maka da baki. Duk waɗannan amsoshi ne, sai dai sauran mutane ba su san da su ba, kuma wannan ne ya sa suke ta gardama a kan lissafin da bai cika ba.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne mayar da maganar mutane zuwa abin da za a iya ƙirgawa, don mu ba mu cika cewa a'a kai tsaye ba, balle ga manya. Alama huɗu sun isa: e, a'a, da sharaɗi, ba amsa. Hedimasta ya ce "duk yadda kuka yanke", wannan e ce a ranakun uku. Injiniya ya ce ranar Talata yana wurin aiki a Tambuwal amma "zan yi ƙoƙari in dawo da wuri". Ni a'a nake rubuta wa irin wannan, domin wanda ke kan hanya daga Tambuwal da yamma ba shi ne ke da iko da lokacinsa ba. Hajiya ta ce Alhamis ta yi, amma za ta tashi ƙarfe 5:30 saboda biki, wannan sharaɗi ne, kuma sai ka rubuta sharaɗin da lokacinsa. "In sha Allah" kuwa sai ka duba abin da ke maƙale da ita. "Alhamis in sha Allah ina nan tafe" e ce cikakkiya. In ita kaɗai aka rubuta ba tare da ambaton rana ba, ba a amsa ba tukuna. Wakilin mai unguwa bai ce komai ba, kuma shiru ba ya shiga layin masu yarda.

Ka lura da agogo. Dakta ya rubuta cewa 6:30 ta yi masa ranar Laraba, har mutum biyu suka fara ƙorafin cewa ai lokacin magariba ta gabato. Agogon Saudiyya ya yi amfani da shi, wanda ke gaban namu da awa biyu, ashe 4:30 ɗinmu yake nufi, wato lokacin da aka bayar tun farko. Haka "Laraba mai zuwa" da aka rubuta ranar Litinin, wani jibi zai fahimta, wani ta makon gaba. Kowace amsa ka maƙala mata kwanan wata da ƙarfe nawa a agogon Najeriya. Da ka gama, takardarka za ta yi kama da wannan:

| | Talata 14 | Laraba 15 | Alhamis 16 |
|---|---|---|---|
| Shugaba | e | e | e |
| Ma'aji | ba amsa | a'a | e |
| Injiniya | a'a | e | e |
| Hedimasta | e | e | e |
| Hajiya | e | e | sai 5:30 |
| Dakta | e | e | a'a |
| Wakilin mai unguwa | ba amsa | ba amsa | ba amsa |

Da kallo ɗaya za a ce Laraba ta ci, tunda mutum biyar sun amsa ta. Amma me za a yi a zaman? Injiniya zai kawo ƙiyasin kwano da katako da kuɗin kafinta, a amince, shugaba da ma'aji su sa hannu a fitar da kuɗi. Ke nan mutum uku ne in babu ɗayansu zaman shan shayi kawai za a yi. Tun kafin ka ƙirga yawan e, ka ja layi ƙarƙashin sunayen nan uku, ka soke duk ranar da ɗayansu ya ce a'a. Talata ta faɗi saboda injiniya, Laraba ta faɗi saboda ma'aji, Alhamis ta rage duk da e ɗinta huɗu ne da sharaɗi ɗaya. Yawan masu zuwa sai an samu rana biyu da duk mutum ukun suka amince da su yake raba gardama. In kuma tsarin mulkin ƙungiyarku ya faɗi adadin da dole su halarta kafin shawara ta zauna, ka tabbatar ranar da ta rage ta cika shi.

Idan duka ranakun suka faɗi fa? Kada ka koma wa mutum bakwai da sabuwar tambaya. Kira mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ku samo lokacin da ya haɗa su, sannan ka kai wa sauran a matsayin rana tsayayya.

Kafin sanarwa akwai kira biyu ko uku, kuma da waya ake yin su. Na farko shugaba, don a Sakkwato ba a tsayar wa babba rana ya tsince ta a imel tare da kowa. "Ranka shi daɗe, na haɗa amsoshin. Alhamis ce kaɗai ta haɗa ku da ma'aji da injiniya. In kun amince in sanar." Minti ɗaya ya isa, kuma daga nan sanarwar da yawunsa za ta fita. Sai wakilin mai unguwa, wanda wataƙila bai buɗe imel ba tun makon jiya. Dakta kuma, da yake shi ne ranar ta bari a baya, ya kamata ya ji daga bakinka tukuna, ka roƙe shi ya turo ra'ayinsa a rubuce a karanta a zaman.

Sanarwar ka tura ta a sabon saƙo da sabon kai, kada ta zama ta ashirin da ɗaya a ƙasan tsohon zare. Wasu sun gaji sun daina buɗe shi, wasu ma sun danna masa Mute. Ranar ta fito tun a kan saƙon, yadda ko wanda bai buɗe ba zai gani:

"An tsayar: zaman kwamiti, Alhamis 16 ga wata, 4:30 na yamma

Assalamu alaikum. Da amincewar shugaba, za a zauna ranar Alhamis 16 ga wata, ƙarfe 4:30 zuwa 6:00 na yamma agogon Najeriya, a ofishin hedimasta. An zaɓi ranar ne domin ita kaɗai ta haɗa shugaba da ma'aji da injiniya. Za a fara da maganar kuɗin rufi saboda Hajiya za ta tashi 5:30. Dakta zai turo ra'ayinsa a rubuce. Ba sai an amsa wannan saƙo ba. Wanda wani uzuri ya taso masa ya kira ni kai tsaye kafin azahar ɗin Laraba."

Ka ga babu alamar tambaya ko ɗaya a ciki. Da ka rufe da "ko akwai mai wata shawara?" to ka sake buɗe kasuwar da ka rufe. Dalilin zaɓen layi ɗaya ne, kuma ya wadatar, don masu Laraba su san ba a yi watsi da su haka kawai ba. Teburin kuwa ka bar shi a wurinka. In ka baza shi, ma'aji zai ga an nuna shi a gaban jama'a a matsayin wanda ya hana Laraba.

Wasu na sa sunayen mutane a Bcc don ko an danna Reply all amsar ta zo wa mai turawa shi kaɗai. Dabarar na aiki, kuma ta dace da taron mutum arba'in. A kwamitin mutum bakwai ban cika son ta ba, domin kowa na so ya ga wa da wa aka gayyata, ɓoye sunaye kuma kan jawo zargi. In kun saba da Google Calendar, ka bi sanarwar da gayyata, ita za ta nuna wa na ƙasar waje lokacin a agogonsa. Ka kuma kwafe saƙon kalma da kalma zuwa zauren WhatsApp na kwamitin, kada a samu 4:30 a nan, "bayan la'asar" a can.

Kusan kullum sai an samu wanda zai amsa wa kowa bayan sanarwa ya ce shi fa Asabar ta fi masa. Kada ka ba shi amsa a zaren, kira shi. In ba ya cikin mutum ukun, ka ba shi haƙuri, ka karɓi ra'ayinsa kan maganar rufin, rana na nan yadda take. In kuwa ma'aji ne ya kira ya ce tafiyar Illela ta koma Alhamis, sai ka koma teburinka: Laraba ta buɗe ke nan, tunda shi kaɗai ya hana ta. Ka tabbatar da shugaba da injiniya ba su ba da ranar ga wani abu ba, sannan ka tura sabon saƙo mai kai "An canza", da tsohuwar rana da sabuwa a layin farko, ka kuma bi kowa da kira saboda lokaci ya ƙure.