"Zan iya aiki kowane lokaci": kuskuren da muke tafkawa a wasiƙar neman aiki a waje

Wallahi na gaji. Duk wanda ya turo min wasiƙarsa ta neman aiki a kamfanin waje in duba masa, sai na tarar da layin nan: wai shi kowane lokaci zai iya aiki, kuma a shirye yake ya koma ko'ina a duniya. Malam, ko'ina ina? Kowane lokaci yaushe?

Ni ma haka na rubuta, kuma na ɗanɗana kuɗata. A watan Janairun 2024 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya ya ɗauke ni aiki daga gida, ina zaune a Kano. Ban tsaya na yi lissafi ba. Agogonmu UTC+1 ne, wato awa ɗaya gaba da agogon duniya da ake kira UTC, nasu a lokacin UTC-8, awa takwas baya da shi, tazarar awa 9 kenan, wato aikinsu na 9 na safe zuwa 5 na yamma a wajena 6 na yamma ne zuwa 2 na dare. Ga wuta ba tabbas, janareta na ta ruri ƙarfe ɗayan dare maƙwabta na Allah ya isa, da asuba kuma yara sun tashi shirin makaranta, barci sai dai a rama da rana in an samu. Kuma ba bakin ƙorafi, ai ni na ce musu kowane lokaci.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne canjin agogo. Mu ba ma taɓa agogonmu, amma yawancin jihohin Amurka ranar Lahadi ta biyu a watan Maris suna tura nasu gaba da awa ɗaya, sai Lahadin farko ta Nuwamba su mayar. A shekarar ya faɗo 10 ga Maris, washegari kuma muka tashi da azumi. Mitin ɗinmu na 10 na safiyarsu da na saba shiga 7 na dare ya dawo 6 na yamma ban sani ba. Na sha ruwa a natse, na yi salla, na kunna kwamfuta ƙarfe 7, na tarar kowa ya watse. Daga nan kullum mitin sai ya hau kan magariba, dabino a hannu, abin magana a kashe. Kafin ƙaramar salla mun rabu da kamfanin.

Yanzu ga yadda nake yi, ban ce dole kowa ya bi ba. Ina faɗin inda nake da agogona, sannan in ba su awannin da zan iya da agogonsu su, ba nawa ba. Misali kamfani a New York: in ce ina Najeriya, UTC+1, zan kasance a kan aiki daga 9 na safe zuwa 2 na rana agogonsu, Litinin zuwa Juma'a. A wajena 2 zuwa 7 kenan lokacin zafinsu, 3 zuwa 8 lokacin sanyinsu, kuma duka biyun nake lissafawa kafin in tura. Turai da sauƙi, Landan daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa ɗaya. Amma in Turai ce ka ambaci awar sallar Juma'a tun a wasiƙa, kar ka bari sai ranar ka ɓace musu.

Sai maganar ƙaura, nan ma samari kuna ba ni haushi. Ka ce a shirye kake ka koma Ingila, ka yi shiru kan biza, kana ganin dabara ce? Tambayar farko da za su yi maka kenan. Bizar ma'aikata ta Birtaniya sai kamfanin yana da lasisin ɗaukar nauyin baƙi, to ka duba ko yana da shi kafin ka ɓata data, gwamnatinsu ta wallafa jerin sunayen. Sannan ka faɗa ƙarara: ina buƙatar ku ɗauki nauyin bizata, zan iya tasowa wata biyu bayan ta fito, kafin nan zan fara daga gida in kun yarda. Kuma don Allah ka yi shawara da maiɗakinka da su Hajiya tukuna. Na ga wanda aka ba aiki, aka fara takardu, mahaifiyarsa ta ce ba inda za shi.

Ƙananan kuwa: kar ka rubuta WAT, taƙaitaccen sunan agogonmu na Afirka ta Yamma, shi kaɗai, da yawansu ba su san shi ba, haɗa da UTC+1. Kar ka cika wasiƙa da labarin matsalar wuta, in kana da sola da layin intanet biyu ka faɗa a layi ɗaya ka wuce. Kuma ka karanta tallar da kyau, in sun ce aiki daga gida amma sai mazaunin Amurka, wannan gidan ba na Kano suke nufi ba.