Yadda Za Ka Auna Abin da Shafukan Amsa Tambayoyi Ke Biya a Awa Ɗaya

Yawancin waɗanda na gani sun shiga harkar amsa tambayoyin jin ra'ayi da ƙananan ayyukan intanet wuri ɗaya suke faɗuwa. Suna kallon kuɗin da ke taruwa a fuskar waya, ba sa kallon agogo. Ni ma haka na yi a farko, wata guda cur ina murna da lambobin da ko sisi ban taɓa cira ba. Saboda haka ga yadda nake gwada kowane shafi yanzu.

Mataki na farko, tun kafin ka yi rajista, ka nemo shafin da suka yi bayanin biyan kuɗi. Abu uku za ka duba: ko suna karɓar mutanen ƙasarka, ta wace hanya suke biya, da kuma mafi ƙarancin abin da za a iya cira. Da yawa sai ta PayPal, kuma an daɗe asusun PayPal na Najeriya yana iya tura kuɗi amma ba ya karɓa, don haka ka tabbatar naka yana karɓa kafin ka ɓata minti ɗaya. Wasu suna biya ta Payoneer, wasu irin su GeoPoll da katin waya suke sallama. Wasu kuwa katin sayayya na kantin Amurka za su ba ka, sai ka nemi mai saye, shi ma ya yanke nasa. A wurina, idan mafi ƙarancin cira ya wuce dala 10, na wuce. Batun ɓoye ƙasa da VPN kuma kada ka soma. Shafukan suna barin mutum ya yi ta aiki, sai ranar cira su nemi katin shaida su rufe asusun da kuɗin a ciki.

Mataki na biyu shi ne inda nake so ka zauna sosai. Ka sami ɗan littafi da biro, ka rubuta lokacin da ka buɗe shafin da lokacin da ka rufe shi. Ba lokacin da ka fara amsa tambaya ba, lokacin da ka buɗe. Duk abin da ya shiga tsakani aiki ne, har jiran sabis ya dawo.

Bari in kawo misali daga irin zaman da na saba yi. Shafi ya ce dala 1 a minti 15. Kowa zai buga lissafi ya ce dala 4 ke nan a awa. To, a zaman awa biyu na buɗe tambayoyi tara. Bakwai daga ciki sun kore ni bayan kamar minti shida-shida, bayan na gama faɗa musu shekaruna da aikina da irin wayar da nake riƙewa, sai kawai rubutu ya fito cewa "You do not qualify". Minti 42 sun tafi, ladan kowace kora santi 2. Biyun da na kammala kowanne ya ci minti 25, ba 15 ba. Sauran minti 28 sun tafi wajen nema da jiran shafi ya buɗe. A fuskar waya ina da dala 2 da santi 14. Bayan kwana uku aka soke ɗaya, wai amsoshina sun saɓa wa juna. Saura dala 1 da santi 14 a awa biyu, wato santi 57 a awa. A ce dala tana naira 1,500, naira 855 ke nan, ba a cire kuɗin data da cajin waya ba. Kafin in kai dala 10 sai na yi kusan awa 18.

Wannan korar ba rashin sa'a ba ce. Kamfanin da ya biya kuɗin binciken yana neman wasu irin mutane ne, misali mai mota a Birtaniya ko uwa mai sayen madarar jarirai a Amurka, kuma yana da adadin da yake so daga kowane rukuni. Da adadin ya cika sai a rufe. Masu neman ra'ayin mutumin Kano ko Maraɗi ba su da yawa, shi ya sa mu aka fi kora. Masu koyo suna ganin haka sai su fara ƙarya, yau injiniya gobe likita. Shafukan suna ajiye amsoshin baya, suna kuma saka tambayar tarko irin ta "zaɓi amsa ta uku" don su kama mai dannawa ba karatu.

Kada ka ɗauka ni ne mai sanyin hannu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 bayan ta tambayi masu irin waɗannan ƙananan ayyukan intanet 3,500 a ƙasashe 75. Matsakaicin abin da suke samu a awa dala 3.31 ne idan aka haɗa da lokacin da ba a biya, na Afirka kuwa dala 1.33. Wani binciken na shekarar a kan shafin ƙananan ayyuka na Amazon Mechanical Turk ya gano cewa rabin ma'aikatan ba sa wuce kusan dala 2 a awa. Akwai masu dama-dama, kamar Prolific da ya hana masu bincike biyan ƙasa da fam 6 a awa, amma ba kowace ƙasa yake karɓa ba, kuma aikin ba ya cika yini. In littafinka ya nuna dala ɗaya zuwa biyu a awa, ka sami shafi mai kyau. Wanda ya yi maka alkawarin dala 50 a rana da waya kawai, ruwan ido yake so ya sa maka.

Mataki na uku, da zarar ka kai mafi ƙarancin cira, ka cire. Kada ka ce sai ya taru. Kuɗin da ke ƙarƙashin "Pending", wato mai jiran amincewa, ba naka ba ne tukuna, kuma ko shafin gaskiya yana iya tattara komatsansa, kamar yadda Remotasks ya rufe wa ma'aikatan Najeriya da Kenya ƙofa a watan Maris na 2024.

Shafukan banza iri biyu ne. Akwai masu cin lokaci: suna lissafi da maki ba da kuɗi ba, makin yana gudu a kwanakin farko, da ka kusa adadin cira sai ya koma tafiyar hawainiya, ko a ce sai ka gayyato mutum goma. Akwai kuma ɓarayi ƙiri-ƙiri. Saƙo zai shigo WhatsApp, a ce ka danna alamar so a bidiyo uku a ba ka naira dubu biyu, kuma da gaske za su turo. Sai a ja ka Telegram a ce ka saka dubu ashirin don buɗe babban aiki. Wannan dubu biyun ƙugiya ce. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista, ko BVN, ko lambar sirrin da banki ya turo maka, ka toshe shi nan take.

Sauran ba wuya. Mako ɗaya ya isa gwaji, ka raba kuɗin da ya shigo asusun bankinka da awannin da ke littafi, ka cire data. Ni dai idan bai kai abin da zan samu a awa ɗaya ta koyar da yara darasin yamma ba, a ranar nake goge manhajar.