Yadda za ka gane kiran ɗan damfara kafin ka karanta masa lambar OTP

A ɗauki ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ranar Juma'a bayan la'asar, bankuna sun riga sun tashi. Waya ta yi ƙara. "Ranka ya daɗe Alhaji, daga hedikwatar banki ne. Kana cikin manyan kwastomominmu, shi ya sa muka kira ka da kanmu." Mai kiran ya faɗi cikakken sunan Alhaji da ranar haihuwarsa, duk daidai. Daga nan aikin zai bi matakai uku, kuma kowanne da ƙofar da yake toshewa.

Da farko ka lura da kirarin. Fasa kai ba don ka ji daɗi kawai ake yi ba, don a ɗaure ka da kunya ne. Wanda aka kira babban mutum, aka ce ai shi wayayye ne ba sai an yi masa dogon bayani ba, nauyi zai ji ya ce "ban gane ba, maimaita." Sanin sunanka kuma ba shaidar komai ba ne. Irin wannan bayani yana fita daga fom ɗin tallafin bogi da ake turawa a WhatsApp, ko daga wayar da aka sace.

Na biyu gaggawa, kuma nan ne gadar zaren take. Zai ce wani yana ƙoƙarin cire naira dubu ɗari huɗu daga asusunka, ko za a rufe shi nan da minti goma saboda BVN ba ta haɗu da NIN ba. Gaskiyar magana, saurin nasa ne, ba naka ba. Yayin da kuke magana, ya riga ya shigar da lambobin katinka a wani shafin biyan kuɗi, ko yana ƙoƙarin buɗe manhajar bankinka a tasa wayar. Banki sai ya turo maka OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya don tabbatar da cewa kai ne, galibi lamba shida, wadda ke mutuwa cikin 'yan mintoci. Idan ta mutu, aikinsa ya rushe. Shi ya sa za ka ji muryar da ke "ranka ya daɗe" ɗazu ta koma "Alhaji yi sauri mana, lamba shidan kawai." Kalmar "kawai" ɗin nan da manufa: ba ya son idonka ya kai ga sauran saƙon, inda banki ya rubuta kada a ba kowa lambar, wani lokacin har da adadin kuɗin da za a cira. Saboda haka ka karanta saƙon tun daga farko har ƙarshe, a zuci.

Na uku sirri. "Kada ka kashe wayar, kada ka faɗa wa kowa, domin muna zargin wani ma'aikacin reshenku." Jimla ɗaya ta raba ka da yaron shagonka da zai ce "Alhaji anya kuwa?", ta kuma sa ka zargi wurin da ya kamata ka je tantancewa.

Abin yi ba shi da yawa. Ka kashe wayar, ko sallama ba sai ka yi ba; wannan ba rashin ɗa'a ba ne. Kada ka tsaya gardama don ka kure shi, sana'arsa ke nan, ya fi ka amsa. Ka juya katin ATM ɗinka ka kira lambar bankin da ke bayansa, ba wadda ta kira ka ba, ba kuma wadda ya turo maka ba. Sannan ka maimaita wa wani na kusa abin da aka ce maka, da babbar murya. Sau da yawa tun kafin ka kai ƙarshen labarin kai da kanka za ka ji inda ya yi wari. Banki ba ya tambayar PIN, ko OTP, ko lamba ukun da ke bayan kati, ko da kuwa manaja ne da kansa.

Idan kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe, ka karanta masa lambar, to yanzu ne gaggawa ta zama taka. Kuɗi na barin asusu cikin daƙiƙoƙi, a rarraba su zuwa wasu asusun, a cire a wurin masu POS. Ka toshe asusun nan take ta kowace waya: a Access Bank `*901*911#`, a Zenith `*966*911#`. Sauran bankuna ma da nasu, gara ka rubuta na bankinka a takarda tun yau. Ka kira banki ka faɗa musu lokacin da abin ya faru da adadin kuɗin da lambar da ta kira ka, don su nemi bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe abin da ya rage. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, kada ka goge saƙo ko ɗaya. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ƙorafin ba, sashen kare haƙƙin kwastoma na Babban Bankin Nijeriya yana karɓar ƙara.

Bayan kwana biyu wani zai iya kira da sunan jami'in da zai ƙwato maka kuɗinka, in ka biya kuɗin aiki, kuma a yi shiru da maganar. Su ne dai.