Yadda na gano shafukan da suka ɓace

Wata ɗaliba daga Tahoua ta ce darasin lissafin da na ɗora ya tsallake daga shafi 14 zuwa 19. Lambar ƙasan takarda na duba, ba wadda waya ke nunawa ba, domin waya abin da ke cikin fayil kawai take ƙirgawa. Na haɗa da jerin batutuwan farkon littafin: ƙarshen kaso cikin ɗari da farkon riba ne suka tafi.

Sai na rubuta mata: “Malama, ki karanta zuwa 14, ki bar atisaye na uku, ya dogara da riba. Babin awo kuwa ba ruwansa da giɓin, ci gaba.” Da yamma na sake ɗaukar hoton shafukan huɗu na tura.