Babi na Bakwai: Idan An Ce Saƙonka Ya Bushe

Darasi na ɗaya: Ja layi tukuna

Ɗauko littafinka da fensir. Buɗe sabon shafi. Ka tuna, rubutun boko daga hagu yake farawa, ba daga dama ba kamar Larabcin da kake gani a allunan titi. A saman shafin rubuta lamba 1.

Mu ɗauka kai direba ne a Jidda. Baffanka na Kano ya aiko cewa zai aurar da 'yarsa, yana neman gudummawar riyal 1000. Kai kuma lokacin sabunta iƙamarka, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya zo, abin da za ka iya bayarwa riyal 400 ne. Ga abin da ka fara rubutawa. Kwafe shi a ƙarƙashin lamba 1, a hankali, ba sauri muke yi ba:

"Baffa, na ga saƙonka. Ba zan iya turo riyal 1000 ba. Zan turo riyal 400 ranar Alhamis, 5 ga Sha'aban. Ina sabunta iƙama."

Babu kuskure ko ɗaya a wannan rubutu. Wanda ya iya rubuta haka ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. To amma ka nuna wa yayarka da ke Makka, ta karanta, ta ce: "Kai, wannan ai ya bushe. Haka za ka yi wa Baffa magana?"

Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, ja layi a ƙarƙashin abubuwan da Baffa yake bukatar ya sani. Su uku ne: kuɗin, wato riyal 400, ranar, wato Alhamis 5 ga Sha'aban, da kuma cewa 1000 ba za ta samu ba. Waɗannan su ne gundarin magana. Komai za a iya canzawa a saƙon, ban da su. Ja layin yanzu. In ba ka ja ba, kada ka wuce wannan shafi.

Mun sa sunan rana tare da kwanan wata da gangan. Wani lokaci lissafin wata na Saudiyya da na Najeriya yakan bambanta da kwana ɗaya, saboda ganin wata. Alhamis kuwa Alhamis ce a Jidda da Kano.

Darasi na biyu: Tambayi wurin

"Ya bushe" ba ta gaya maka abin da za ka gyara ba. Haka ma "ya yi tsauri", ko "ka ɗan sassauta", ko "babu zumunci a ciki". Mai faɗin haka ya ji wani abu a ransa, amma bai nuna maka inda yake ba. In ka kai wa tela riga ka ce ta matse, zai tambaye ka: a kafaɗa ko a ƙirji? Kai ma tambaya za ka yi.

Ce mata: "Yaya, wane layi ne ya bushe? Nuna mini da yatsa." In ta ce duka ne, karanta mata da ƙarfi, jimla ɗaya bayan ɗaya, ka ce ta tsayar da kai inda kunnenta ya ƙi. Wannan ba gardama ba ce, kuma ba rashin kunya ba ne. Da yawanku sukan yi shiru don jin nauyi, su koma ɗaki su canza komai, su dawo da saƙon da ya fi na farko lalacewa.

Yaya ta ce: "Tun daga farko. Ko gaisuwa babu." Madalla, yanzu ka san wurin. Farkon saƙo za ka gyara, shi kaɗai.

Kada ka goge na 1. Bar shi yadda yake. Sauka ƙasa, rubuta lamba 2, ka sake kwafewa da gyaran:

"Assalamu alaikum Baffa. Ina fatan kuna lafiya, da Gwaggo da yara baki ɗaya. Na ga saƙonka, Allah ya sanya alheri. Ba zan iya turo riyal 1000 ba. Zan turo riyal 400 ranar Alhamis, 5 ga Sha'aban. Ina sabunta iƙama."

Duba abin da muka ƙara: sallama, tambayar iyali, da addu'a kan auren. Mun ambaci Gwaggo domin Baffa ya san shi kake yi wa magana, ba takardar da aka raba wa kowa ba ce.

Yanzu ɗora yatsanka a kan layukan da ka ja a na 1. Riyal 400: yana cikin na 2? Yana nan. Alhamis 5 ga Sha'aban: tana nan? Tana nan. Cewa 1000 ba za ta samu ba: yana nan? Yana nan. Ja musu layi a na 2 ma. Za ka ce ai yanzu ka kwafa, ka san suna nan. Duk da haka duba. Hannu muke so ya saba.

Darasi na uku: Inda ake faɗuwa

Yaya ta sake karantawa. Ta ce: "Ya fi, amma har yanzu da tsauri." Ka tambaye ta wurin. Ta ɗora yatsa a kan "Ba zan iya turo riyal 1000 ba."

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke faɗuwa, shi ya sa za mu daɗe a wurin. Mutum yana jin an ce jimla ta yi tsauri, sai ya cire ta gaba ɗaya, ya zuba addu'a a madadinta. Ga irin abin da nake gani a littattafanku:

"Assalamu alaikum Baffa. Ina fatan kuna lafiya. Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu lokacin. In sha Allahu zan ga abin da Allah ya hore, ba zan ba ka kunya ba."

Ya yi daɗi a kunne, ko? To ɗora yatsa. Ina riyal 400? Babu. Ina Alhamis? Babu. Ina cewa 1000 ba za ta samu ba? Babu. Baffa zai karanta "ba zan ba ka kunya ba" ya ɗauka dubun nan tafe take. Zai je ya karɓo gado da katifa bashi. Ranar da 400 ta shiga hannunsa, ransa zai ɓaci fiye da yadda busasshen saƙon farko zai ɓata shi, kuma da gaskiyarsa. Wannan ba sassautawa ba ce, ɓoye magana ne.

Ga yadda ake sassauta jimla mai nauyi ba tare da an jefar da ita ba. Fara da abin da za ka iya yi, sannan abin da ba za ka iya ba ya biyo baya. Kawo dalili kusa da shi, kada ka bar dalilin shi kaɗai a can ƙarshe. Sannan ka nuna abin ya dame ka, da kalma biyu ko uku, ba da shafi guda ba.

Rubuta lamba 3:

"Assalamu alaikum Baffa. Ina fatan kuna lafiya, da Gwaggo da yara baki ɗaya. Na ga saƙonka, Allah ya sanya alheri. In Allah ya yarda zan turo riyal 400 ranar Alhamis, 5 ga Sha'aban. Na so in cika 1000 ɗin, amma sabunta iƙama ta zo mini a wannan watan, ba zan samu ikon ƙarawa ba. A yi mini haƙuri, Baffa."

Karanta da ƙarfi. "Ba zan iya" ta koma "na so, amma ba zan samu iko ba". Ma'anar ɗaya ce, Baffa ya san 400 ce iyaka, sai dai ya ji cewa ɗansa ya so ya yi fiye da haka.

Yatsa kuma. Koma na 1. Riyal 400? Yana nan. Alhamis 5 ga Sha'aban? Tana nan. Dubu ba za ta cika ba? An faɗa. Ja layi uku a na 3.

Na san wasu a cikinku sun gaji da wannan duba-duba. Ina kallonku a aji, kuna gyarawa kuna rufe littafi ba ku duba ba. Wallahi ba na jin daɗin haka. Mutum ya taso daga aiki a gajiye, ya zauna bayan Isha yana koyon rubutu, sannan ya ƙi yin abin da bai kai minti ɗaya ba? Wanda ya kawo mini na 3 babu layi a ƙarƙashin kuɗi da rana, zan mayar masa da littafinsa ban karanta ba. A na 1 ake dubawa, ba a na 2 ba, domin in abu ya zame a na 2 ba ka lura ba, zai bi ka har ƙarshe. Wannan ne dalilin da ya sa na ce kada a goge. A waya ma haka ne: rubuta a takarda tukuna, sai ka gama sannan ka kwafa cikin waya, ka sake duba lambobin kafin ka danna turawa.

Darasi na huɗu: Idan bakin masu gyara ya bambanta

Ka nuna wa abokin aikinka na 3, ya ce ya yi tsawo. Yaya kuma ta ce a ƙara gaisuwa. Ba za ka iya bin su duka ba. Tambayi kanka: wa ya fi sanin Baffa? Yaya ce. Bi tata a kan gaisuwa. In kana son ragewa, rage daga addu'ar da aka maimaita, kada ka rage daga abin da ka ja wa layi. In ka yi na 4, duba da yatsa.

Wani lokaci gyaran baya ya fi na gaba kyau. Koma ka ɗauki na 3, yana nan tunda ba ka goge ba.

Darasi na biyar: Tsayawa

Gyara uku ko huɗu sun isa gajeren saƙo. Karanta shi da ƙarfi. In za ka iya faɗa wa Baffa haka baki da baki, kana durƙushe a gabansa, to tura.

Aikin gida

Kwafe wannan a ƙarƙashin lamba 1: "Inna, ba zan zo hutu bana ba. Sai bayan Babbar Salla. Kafili bai ba ni izini ba."

Ja layi a ƙarƙashin gundarin magana. Nuna wa wani a gida, ka tambaye shi wurin da ya bushe. Rubuta na 2 da na 3. A kawo littafi ranar Asabar, da layukan a jaye.