Yadda ake aikin lakwal kan waƙa da amshi a cikin gatana

In mushe ya ba ku aiki kan waƙa da amshi a tatsuniya, ko gatana kamar yadda muke cewa nan Maradi, kar ka fara da littafi. Littattafan suna nan, tun wanda Frank Edgar ya fitar a 1911, amma takarda ba ta da murya, ba za ka ji inda yara suka karɓa ba.

Da farko ka nemo mai yin gatana, kaka ko gwaggo ko wata tsohuwa a unguwa, Bagalam ne ko Mokoyo duk ɗaya. Ka je bayan isha'i don da yawa ba su yarda su yi da rana, kuma don Allah kar ka je kai kaɗai, ka tattaro ƙanne biyar ko shida, in ba 'yan amshi tsohuwa za ta riƙa tsallake waƙar tana cewa "sai ta yi waƙarta" ta wuce, shi ke nan abin da ka je nema ya tafi. Ka ce "Iya, in ɗauki muryarki a waya?" in ta yarda ka aje wayar tsakaninta da yaran don muryoyin biyu su shiga.

Amshi na farko tun a bakin ƙofa yake. Ta ce "ga ta nan ga ta nanku", yara su ce "ta zo mu ji ta", wasu gidajen "ta je ta komo" suke cewa. Ka rubuta wanda ka ji da kunnenka. Aikinsa shi ne karɓar izini, sai an amsa take farawa, kuma daga nan kowa ya san an shiga duniyar su Gizo da Ƙoƙi.

Da ka koma gida ka raba shafin kaye gida uku: abin da ya faru kafin waƙa, waƙar kanta da wanda ya bayar da wanda ya amsa, sai abin da ya biyo baya. Nan ne aikin yake gaskiya, shi ya sa zan daɗe a kai.

Mu ɗauki gatanar 'yar bora da aka aika wankin ƙirgi a ruwan Bagaja. Duk ruwan da ta tarar sai ta rera tana tambaya ko shi ne ruwan Bagaja, ruwan ya ce a'a, ya yi mata tayi, wani na nama ne wani na zuma, ita kuma ta ƙi taɓawa ta yi gaba. Waƙar ba ta canzawa, ruwan ne ke canzawa. To a kaye sai ka rubuta cewa maimaicin shi ne ke auna nisan tafiya, ba a ce maka ta yi kwana kaza ba amma ka ji ta yi nisa. Ka lura kuma karo na nawa yara suka fara rerawa tare da Iya, galibi zuwa na biyu ko na uku sun haddace, sai ka ji ta rage murya ta bar musu. Daga nan su ma sun zama masu ba da labarin, mai gyangyaɗi ma ya farka.

Sai 'yar mowa ta bi hanya ɗaya da waƙa ɗaya, amma ita tayi ɗaya ake yi mata ta zauna ta ci. Wannan wurin ni ya fi burge ni, kalmomi iri ɗaya a bakin yara biyu, kuma da su aka nuna bambancin hali ba tare da Iya ta ce wance mai kwaɗayi ce ba. Ka sake saurara da kyau, sau da yawa mai gatana tana canza murya, ta yi ta 'yar mowa da gatsali da sauri. Ka rubuta minti nawa ne a cikin rikodin don mushe ya iya dubawa.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne su rubuta waƙar sau ɗaya su sa "haka dai har ƙarshe". Kar ka yi, kowane karo ka rubuta shi cikakke don wani lokaci kalma ɗaya ce take sauyawa a karo na ƙarshe kuma ita ce ke juya labarin. In akwai kalmomin da ba ka gane ba kar ka gyara su, ka tambayi Iya, wasu tsohuwar Hausa ce wasu kuma sauti ne kawai na daidaita kari. In malam ya ce da Faransanci za a kawo aikin, ka bar waƙar da Hausarta ka sa fassara a ƙasa.

Rufewar ma ka sa ta cikin lissafi, "ƙurunƙus kan kusu", ka duba ko yara sun ƙarasa mata ko ita kaɗai ta faɗa. A saman takarda ka sa ranar da aka yi, unguwa, da yawan yaran da suka amsa, sunan Iya kuma sai in ta yarda.