Ga Baƙon da Ya Samu Aikin Otal a Kaduna: Yadda Ake Rubuta Allunan Ɗaki da Hausa da Turanci

'Yan'uwanmu da ke tasowa daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa su sauka a tashar Kawo domin neman abinci, da yawansu sukan fara ne da aiki a ƙananan otal-otal na cikin garin Kaduna, kuma wanda aka ga yana da ilimin boko ba ya daɗewa kafin a ɗora masa rubuce-rubucen gidan. Matsalar ita ce bokon da ya yi na Faransanci ne, alhali a nan Ingilishi ake kira Turanci, kuma masu kwana a otal ɗin sun haɗa da Alhajin da ba ya karanta komai sai Hausa da kuma ma'aikacin da ya zo taro daga Legas wanda ko gaisuwa bai iya da Hausa ba. Na yi shekaru a teburin karɓar baƙi na wani otal mai hawa biyu, inda wani saurayi daga Maraɗi ya yi mana allunan ɗakuna, kuma abin da zan faɗa a nan daga kurakuranmu ni da shi na koye shi.

Alluna huɗu ne baƙo ke nema da idonsa da zarar ya ajiye jaka: na intanet, na lokacin barin ɗaki, na alƙibla da na hana shan taba. Ƙa'idar da ta haɗa su ita ce a rubuta layin Hausa kamar babu na Turanci a kusa da shi, domin wanda zai karanta Hausar ba zai duba ɗayan layin ya gyara fahimtarsa ba.

Allon lokacin barin ɗaki shi ne ya fi jawo rigima, saboda magana ce ta kuɗi. Saurayin nan da farko ya rubuta "Lokacin fita: 12h", kamar yadda ya saba gani a gida. A Najeriya ba a san wannan harafin h a bayan lamba ba, kuma "lokacin fita" bai faɗi wace fita ake nufi ba, har wani baƙo ya tambaye ni ko ƙofar gidan ake rufewa da sha biyun dare. Muka sauya zuwa "lokacin sallama", sai muka ga shi ma ya yi kama da maganar asibiti. Abin da ya zauna daga ƙarshe shi ne cikakkiyar jimla:

```
Ana barin ɗaki da ƙarfe 12:00 na rana.
Wanda ya wuce wannan lokaci zai biya ƙarin kuɗi.
Check-out time: 12:00 noon.
Late check-out attracts an extra charge.
```

A layin Turanci kalmar da ke nufin tsakar rana muka zaɓa, muka guje wa haruffan nan biyu, am ko pm, da ake sawa bayan lamba, domin ko masu Turancin kansu sukan rikice a kan sha biyun rana da sha biyun dare. Akwai kuma abin da allo kaɗai ba ya warwarewa. Mutumin da motarsa ta iso da ƙarfe biyun dare yana ganin ya sayi kwana guda cur, wato har biyun daren gobe, alhali a lissafin otal awa goma kawai gare shi. Wani dattijo ya taɓa tsare ni a kan haka, ya ce, "Yaro, ni kwana na biya, ba rabin kwana ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiyarka ce, laifinmu ne da ba mu faɗa maka tun da daren ba." Tun daga ranar muka ƙara layi ɗaya a allon teburin karɓar baƙi, cewa ko da wane lokaci aka shigo, sha biyun rana ne lokacin barin ɗaki, kuma ana iya ajiye kaya a wurinmu. Wannan ajiyar kayan ta fi amfani ranar Juma'a, lokacin da baƙo ke son ya je masallaci kafin ya kama hanya.

Allon alƙibla kuwa shi ne wanda kuskurensa ya fi nauyi, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abu na farko, a rubuta "Alƙibla", kada a rubuta "Gabas". Gaskiya ne a bakinmu mukan ce mutum ya fuskanci gabas idan zai yi salla, amma baƙon da ya ga "Gabas" a bango yana iya buɗe kamfas ɗin wayarsa ya nemi gabas ta sosai, wadda take digiri 90 daga arewa. Daga Kaduna, Ka'aba tana wajen digiri 67 ne daga arewa, wato mutum ya fuskanci gabas sannan ya karkata hagu da kimanin digiri 23. Wanda ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ya saba da kusan digiri 71, saboda garuruwansu sun fi Kaduna matsawa arewa, don haka kada ya ɗauko lissafin gida ya liƙa a nan. A layin Turanci kalma ɗaya ta isa, tare da kibiya:

```
ALƘIBLA
QIBLA
```

Babban kuskuren da muka tafka ba a lissafi yake ba, a liƙawa yake. Saurayin ya auna ɗaki na farko da kyau, ya ga kibiyar ta faɗa kusurwar da ke hannun dama na taga, sai ya bi sauran ɗakunan yana liƙa ta a hannun dama na kowace taga. Ya manta cewa ɗakunan da ke tsallaken baranda tagoginsu ɗaya gefen ginin suke kallo, saboda haka rabin ɗakunan hawan kibiyarsu ta ba wa alƙibla baya. Wani malami da ya kwana a cikinsu ne ya gane, domin da hantsi ya ga rana tana bayansa idan ya bi kibiyar. Saboda haka kowane ɗaki a auna shi da kansa, kuma a tsaya a tsakiyar ɗakin, nesa da firiji, na'urar sanyaya ɗaki da ƙarafan taga, domin ƙarfe yana janye kamfas ɗin waya. Idan waya biyu suka saɓa da juna sosai, alama ce ta cewa akwai ƙarfe kusa, sai a fita tsakar gida a auna, a ga yadda layin ya yanki bangon ginin, sannan a shigo da shi ɗakunan.

Akwai hanyar tabbatarwa da ba ta buƙatar waya ko kaɗan. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba: wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana a Kaduna ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar sandar da aka kafa a miƙe tana nuna kishiyarta. Sai dai duka ranakun biyu a damina suke faɗowa, hadari yana iya rufe ranar, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ba sa kawo bambancin da ido zai gani. Idan an samu layin, a zana shi da fenti a dandamalin tsakar gida ya zama ma'auni. Ita kuma kibiyar ɗaki a silin ake liƙa ta, ba a kan tebur ko cikin durowa ba, domin masu shara sukan juya kayan ɗaki, kibiyar ta juya tare da su ba wanda ya lura.

Allon intanet gajere ne, amma yana da sharaɗi guda: sunan hanyar da kalmar sirri ba a fassara su, ba a kuma ƙawata su. A rubuta su daidai da yadda suke a waya, babban harafi a matsayinsa, ƙarami a matsayinsa.

```
Wi-Fi: Masauki_Bene2
Kalmar sirri / Password: Kaduna7745
```

A nemi wanda ya saita na'urar intanet ɗin ya cire sifili da harafin O, da kuma lamba 1 da ƙaramin l, daga kalmar sirrin, domin su ne ke sa a yi ta kiran tebur da tsakar dare. Kalmar ba za ta gaza haruffa 8 ba, kuma kada a sa mata ƙ, ɗ ko ɓ, tun da yawancin wayoyin baƙi ba su da su a madannai. Yana da kyau a ƙara layi ɗaya da ke cewa idan an ɗauke wuta a jira minti biyu zuwa uku bayan an tayar da janareto, domin na'urar sai ta sake tashi kafin intanet ya dawo.

A allon taba, "Ba a shan taba a nan" ya yi laushi, yana kama da bayanin al'adar gida. "An hana shan taba a cikin ɗaki" shi ne umarni, kuma ya dace da dokar taƙaita shan taba da Najeriya ta kafa a 2015, wadda ta hana sha a wuraren da jama'a ke haɗuwa. A ambaci sigari da shisha da sunansu, domin mai shisha yakan ce shi ba taba yake sha ba, sannan a sa hoton karan sigari mai jan layi a kai saboda wanda ba ya karatu, a kuma faɗi inda aka keɓe wa masu sha a waje idan akwai.

Saura wurin mai buga takarda. Kwamfutoci da yawa a shagunan bugu ba su da haruffa masu lanƙwasa, sai ka ga "ɗaki" ya koma "daki", ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ na "alƙibla". Wani lokaci kuma mai bugun yakan yi gyaran da ba a sa shi ba: namu ya ɗauka mun manta lanƙwasa ne, ya mayar da "taba" ta zama "taɓa", muka karɓi alluna ashirin da aka riga aka rufe da leda suna cewa an hana shan taɓa. Don haka a kai masa rubutun a fayil ɗin PDF, a sa ya buga guda ɗaya tukuna a karanta shi harafi bayan harafi. Haka nan a tuna cewa harafin da ake rubutawa ƴ a makarantun Nijar, a Najeriya 'y ake rubuta shi, kuma da shi idon masu karatu a Kaduna ya saba. Kafin a biya kuɗin sauran, a miƙa wannan guda ɗayan ga maigadi ko mai shara wanda ba ya jin Turanci, a ce ya karanta ya faɗi abin da allon yake so ya yi. Maigadinmu ne ya karanta allonmu na farko, ya ɗago kai ya ce, "To, Malam, fita daga ina?"